Kafin a biya ɗan kwangila, a buɗe shafin a wayar Itel

A yawancin ma'aikatu da hukumomin tarayya, ranar da ake karɓar sabon shafin intanet daga hannun ɗan kwangila rana ce ta taro. Ana haska shafin a babban allo a ɗakin taro, da kwamfuta mai ƙarfi da intanet na ofis, hotuna suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, babban sakatare ya gyaɗa kai, a sa hannu a takardar kammala aiki. Da wuya wani a cikin ɗakin ya tambayi nauyin shafin. Amma wannan tambayar ce za ta nuna ko matashin da ke Abaji ko Gashuwa ko Ogoja, mai riƙe da Itel ko Tecno ta hannu da datar kwana ɗaya, zai iya neman aikin da aka tallata ko kuwa wa'adi zai cika yana kallon farin allo.

Ma'aikatan da suka daɗe a Abuja ba su manta da ranar 15 ga Maris, 2014 ba, lokacin da turmutsitsin masu neman aikin hukumar shige da fice ya ci rayuka a filin wasa na ƙasa da wasu garuruwa. Yau galibin matakan farko na ɗaukar ma'aikata sun koma intanet, kuma hakan ci gaba ne. Sai dai layin bai ɓace ba, ya koma cikin waya ne kawai, inda babu kyamarar da za ta ɗauki hoton waɗanda aka bari a baya. Shafi mai nauyi yana tankaɗe masu neman aiki tun kafin kwamiti ya zauna, kuma da tsadar waya da kusanci da babban birni yake tankaɗe su. Hukumar da ta rantse da bin tsarin raba-daidai tsakanin jihohi bai kamata ta bar wa hoton bango wannan hukuncin ba.

Lissafin ba shi da wuya. A ɗauki misalin shafin farko na wata hukuma, irin wanda kowa ya saba gani. A samansa akwai hotuna huɗu masu juyawa: shugaban hukuma, ziyarar ban-girma, yanke kyalle, ginin hedikwata. An ɗora su yadda suka fito daga kyamara, kowane megabayit 1.5, jimla megabayit 6. Akwai JavaScript, wato umarnin da waya ke saukewa ta aiwatar, na megabayit 1.2. Akwai salon haruffa na musamman na kilobayit 400, sai sauran kayan ado na wasu kilobayit 400. Duka ya kama megabayit 8. Layin da ke ba da kilobit 400 a daƙiƙa, irin wanda mai sabis na 3G mai rauni yake samu, kilobayit 50 yake kawowa a kowace daƙiƙa, domin bit takwas ne ke yin bayit ɗaya. A raba kilobayit 8,000 da 50, za a sami daƙiƙa 160. Minti biyu da daƙiƙa arba'in ke nan, idan sabis bai ɗauke ba ko sau ɗaya. Ko a layin megabit 1.6, wanda kamfanin Google ke ɗauka a matsayin 4G mai jan ƙafa a ma'auninsa na Lighthouse, sai an jira daƙiƙa 40. Mai datar megabayit 100 kuwa, buɗewa goma sha biyu irin wannan sun isa su cinye masa ita, kuma tun watan Janairun 2025 da hukumar NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari, kowane megabayit ya ƙara tsada a aljihunsa.

Shafin nan dai, da duk bayanin da ke cikinsa, ana iya mayar da shi kilobayit 200: rubutu 30, tsarin launi da shimfiɗa 30, hoto ɗaya 60, tambari da ƙananan alamomi 30, JavaScript 50. A layin farko mai rauni zai sauka a daƙiƙa huɗu, a na biyu a daƙiƙa ɗaya. Datar da ta ƙare a buɗewa goma sha biyu za ta kai buɗewa 500. Kuma babu wata sabuwar na'ura da za a saya kafin a cimma haka.

Hotuna ne suka fi sauƙin gyara, kuma su ne kashi uku cikin huɗu na nauyin a wannan misalin. Hoton kyamara yakan kai faɗin ɗigo 4,000, alhali fuskar yawancin wayoyi masu araha ba ta wuce ɗigo 720 ba. Wayar za ta sauke hoton gaba ɗayansa, ta sha wahalar matse shi, sannan ta nuna ɗan abin da fuskarta za ta iya ɗauka. Maganin shi ne a rage girman hoton tun a ofis, a adana shi a tsarin WebP wanda ya fi JPEG rashin nauyi, a ajiye girma biyu, a bar waya ta zaɓi wanda ya dace da ita:

```html
<img src="gini-720.webp"
     srcset="gini-720.webp 720w, gini-1440.webp 1440w"
     sizes="100vw" width="1440" height="810"
     loading="lazy" alt="Ginin hukuma">
```

Kalmar `loading="lazy"` tana hana waya sauke hoton sai mai karatu ya gangaro kusa da shi, don haka hotunan ƙasa ake sa wa ita, ban da wanda ke can sama. Faɗi da tsawon da aka rubuta kuwa suna sa a tanadar wa hoton wurinsa tun kafin ya iso. Idan babu su, rubutu yakan yi tsalle a daidai lokacin da mutum ya kai yatsa zai latsa, sai ya latsa abin da bai nufa ba, ya sake biyan kuɗin wani shafin.

A nan ne aikin ya bar hannun injiniya ya koma hannun hadimai. Duk mai tsara shafi ya san hotuna masu juyawa ba su da amfani ga mai neman fom, amma babu ɗan kwangilar da zai kalli shugaban hukuma ya ce a cire hotonsa. Mataimaki na musamman ko daraktan yaɗa labarai ne zai iya cewa, ranka ya daɗe, a bar hoto ɗaya mai kyau a nan, sauran a kai su shafin labarai, inda mai son gani zai je da kansa. Shugaban da aka nuna wa lissafin daƙiƙa 160 da na daƙiƙa huɗu da wuya ya zaɓi na farko, matsalar dai ba a cika nuna masa ba.

JavaScript ya fi hoto wahala, kuma a nan ne wayar talaka take shan kashi ko da sabis ya yi kyau. Hoto idan ya sauka, buɗe shi kawai za a yi. Umarni kuwa sai waya ta warware shi daga matsewar da aka yi masa, inda megabayit 1.2 zai iya kumbura ya ninka sau uku, sannan ta karanta shi, ta aiwatar. Duk wannan a kan ƙwaƙwalwar wayar yake, kuma a lokacin da take wannan aiki ba ta sauraron yatsan mai ita. Abin da babbar wayar darakta za ta gama kafin ƙiftawar ido, ƙaramar Android Go mai RAM na gigabayit 1 ko 2 za ta yi daƙiƙoƙi tana fama da shi. Alamar wannan cuta sananniya ce: shafi ya bayyana kamar ya gama, a latsa maɓalli, shiru. A sake latsawa, shiru. Can sai duk latsawar ta amsa a lokaci guda.

Mafi muni shi ne shafin da aka gina ta yadda babu ko harafi ɗaya da zai bayyana sai dukkan JavaScript ya sauka ya yi aiki. Masu gini suna son wannan salo saboda ya sauƙaƙa musu aiki, kuma yana da wurinsa a manhajojin cikin ofis da ma'aikaci ke buɗewa sau ɗaya ya wuni a kai. Amma ga sanarwar ɗaukar ma'aikata ko jerin sharuɗɗan neman lasisi, abin da ya dace shi ne uwar garke, wato kwamfutar da shafin ke zaune a cikinta, ta aiko da rubutun a shirye cikin HTML, yadda za a iya karantawa ko da komai bai biyo baya ba. Wannan kuma shi ne ke ba masu amfani da Opera Mini damar ganin shafin, domin wannan burauza a yanayinta na tsimin data ba ta aiwatar da dogayen umarni. Gwamnatin Birtaniya, wadda jama'arta ba sa kukan sabis kamar na nan, ta cire wani tarin umarni mai suna jQuery daga shafinta na GOV.UK a shekarar 2022 don kawai ta rage kimanin kilobayit 32, saboda ta auna ta ga masu tsofaffin wayoyi ne ke biyan farashinsa. Idan can an tsaya a kan kilobayit 32, babu hujjar da za ta sa a nan a sa hannu a kan megabayit 8 ba tare da tambaya ba.

Akwai kuma wani jinkiri da ba ya cikin nauyi. Kafin harafin farko ya iso, waya takan yi zirga-zirga huɗu: ta nemi adireshin uwar garke, ta ƙulla hulɗa da ita, su yi musayar mabuɗan tsaro, sannan ta nemi shafin. Idan kowace tafiya da dawowa tana cin milisakan 400 a layi mai rauni, daƙiƙa 1.6 ta tafi ba a ga komai ba. Kuma duk wani kaya da aka aro daga waje, salon haruffa daga Google, bidiyon YouTube da aka liƙa, akwatin saƙonnin X, taswira, kowannensu sai an sake wannan gaisuwa da tasa uwar garken. Shi ya sa shafin da ke amfani da haruffan da ke cikin waya tun asali, ya sa mahaɗi zuwa bidiyo a maimakon liƙa shi, yake tashi da wuri ko da nauyinsu ɗaya da wani. Inda uwar garken take ma yana da tasiri, kodayake bai kai na sauran ba. Wadda ke cikin ƙasa, a Galaxy Backbone ko wata cibiyar da ke haɗe da IXPN, ba ta bukatar saƙo ya bi wayar ƙarƙashin teku zuwa Turai ya dawo, kuma waɗanda suka ga yadda intanet ya durƙushe a tsakiyar Maris na 2024, lokacin da wayoyin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, sun san amfanin hakan.

Duk wannan shafin farko ne. Inda ake zubar da hawaye shi ne fom. Mai neman aiki ya cika suna, jiha, ƙaramar hukuma, makarantu, lambar NIN, ya zo wurin ɗora hoton fasfo. Ya latsa, waya ta buɗe ma'ajiyar hotuna. A waya mai ƙaramin RAM, Android kan rufe burauzar da ke baya don ta sami wurin buɗe wata manhaja. Yana dawowa sai ya tarar shafin ya sake tashi daga farko, fom fayau, aikin rabin awa ya tafi. Haka kuma yake faruwa idan ya fita don ya kwafo lambar sirrin da aka turo masa ta saƙon tes. Wanda ya gwada fom ɗin a kwamfutar ofis ba zai taɓa ganin wannan ba, kuma idan ƙorafi ya zo zai rantse cewa shafin lafiyarsa ƙalau. Gaskiya yake faɗa, a kan na'urarsa.

Gyaran shi ne a raba fom zuwa matakai gajeru, kowane mataki a adana shi a uwar garke da zarar an latsa ci gaba, yadda mutum zai dawo gobe ya ɗora daga inda ya tsaya. Kada a kori mai cikewa bayan minti biyar na shiru, domin shirun na sabis ne. A sa wa gurbin lambobi alamar da za ta fito da allon lambobi kai tsaye:

```html
<input name="nin" inputmode="numeric" maxlength="11">
```

Batun hoton kansa yana bukatar tunani. Kyamarar waya tana fitar da hoton megabayit 3, kuma turawa ta fi saukewa jinkiri a layin waya. A gudun kilobit 200, wato kilobayit 25 a daƙiƙa, minti biyu ke nan na addu'ar kada sabis ya yanke. Wasu shafukan sun gane haka, sai suka ɗora wa mai nema nauyin, suka ce hoto kada ya wuce kilobayit 50. Mutumin da bai san yadda ake rage hoto ba sai ya nufi shagon intanet, ya biya, ya miƙa wa baƙo lambar NIN da ranar haihuwa da lambar sirrinsa. Burauza tana iya rage hoton da kanta a cikin waya kafin ta tura, da 'yan layukan umarni kaɗan. Wannan wuri ne da JavaScript ya cancanci kuɗinsa. Haka nan idan mutum ya latsa maɓallin turawa sau biyu saboda bai ga amsa ba, dole uwar garke ta gane buƙata ɗaya ce, kada ta yi masa rajista biyu, daga baya kwamiti ya soke shi da laifin maimaita nema.

Sai ranar fitar da sunaye. Al'adar ita ce a buga jerin a takarda, a sa hannu da hatimi, a ɗauki hoton kowane shafi, a haɗa a PDF. Shafi 40 a kilobayit 500 kowane, megabayit 20 ke nan, kuma da yake hoto ne ba rubutu ba, ba za a iya neman suna a ciki ba sai an bi layi-layi a fuskar da ba ta kai tafin hannu ba. Gurbi ɗaya da mutum zai sa lambar rajistarsa ya sami amsar layi biyu ya wadatar, a ajiye takardar mai hatimi a gefe don masu bincike, a rubuta nauyinta kusa da mahaɗin don kowa ya san abin da zai kashe kafin ya latsa.

Za a ce 4G ya bazu, 5G ma ya shigo manyan birane tun 2022, don haka wannan damuwa ta kusa zama tarihi. Alamar 4G a saman waya ba alkawarin gudu ba ce. Turken sadarwa ɗaya mutane da yawa ke rabawa, kuma da yamma a Nyanya ko Mararaba, lokacin da ma'aikata suka dawo gida kowa ya buɗe waya, gudun yakan faɗi ƙasa warwas. Ko da layi ya gyaru, ƙwaƙwalwar ƙaramar waya tana nan yadda take, kuɗin data ma haka. Wasu kuma za su ce a yi manhaja kawai. Manhaja sai an sauke megabayit da dama kafin a fara komai, a wayar da kullum ke kukan wuri ya cika, don aikin da mutum zai yi sau ɗaya a shekara.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta masu cewa matsalar ranar ƙarshe ba ta nauyi ba ce, ta cunkoso ce: dubban mutane sun afka wa uwar garke a lokaci guda ta durƙushe. Wannan gaskiya ne, cuta ce ta daban, kuma ana bambance su cikin sauƙi. Idan shafi yana gudu a ofis yana rarrafe a ƙaramar waya, nauyi ne. Idan ya tsaya wa kowa har da mai kwamfutar ofis, ko yana fitar da lambar kuskure 502 ko 503, uwar garke ce. Sai dai cututtukan biyu suna ciyar da juna. Uwar garken da ke aika megabayit 8 ga kowane baƙo tana cika layinta sau arba'in fiye da mai aika kilobayit 200, kuma duk wanda fom ya goge masa zai dawo ya sake ɗora mata nauyi.

Hukumar NITDA tana da ƙa'idojin shafukan gwamnati, kuma dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta ba kowace hukuma damar rubuta sharuɗɗan aikin da take so tun a takardar neman tayi. Abin da ya rage shi ne jami'in da ke rubuta sharuɗɗan ya sa lambobi a ciki, domin kalmomi irin su "na zamani" da "mai sauƙin amfani" ba a iya riƙe kowa da su a ranar biya. A rubuta cewa shafin farko da kowane matakin fom kada su wuce kilobayit 300 a buɗewar farko, JavaScript kada ya wuce 100 daga ciki, kuma rubutu ya karantu ko an kashe JavaScript. A rubuta cewa sharaɗin yana nan har ƙarshen wa'adin kula da shafin, domin shafi yakan fito da sauƙi, bayan wata uku wani jami'in yaɗa labarai ya ɗora hoton taro kai tsaye daga kyamara. Tsarin ɗora hotuna da kansa ya kamata ya riƙa rage su, kada a dogara da tunawar kowa.

Tabbatar da hakan bai bukatar kwamiti. Duk ma'aikacin da ke da Chrome a kwamfuta zai iya latsa `F12`, ya shiga `Network`, ya sa alama a `Disable cache`, ya zaɓi `3G` a jerin gudu, ya sake buɗe shafin. A ƙasa zai ga adadin da aka rubuta `transferred` kusa da shi, nauyin ke nan, kuma ba ya bukatar fassarar ɗan kwangila. Shafin `pagespeed.web.dev` ma zai auna kyauta, inda Google ke ɗaukar daƙiƙa 2.5 a matsayin iyakar lokacin da babban abin da ke shafi ya kamata ya bayyana. Amma waɗannan kwaikwayo ne, kuma ba sa nuna burauzar da aka rufe a baya. Gwajin da ya kamata takardar kammala aiki ta rataya a kansa shi ne a aiki wani Banex ya sayo waya mafi araha mai Android, a sa mata layi da datar kwana ɗaya, a tsayar da sabis ɗinta a 3G, a ba masinja ko direban ofis, wanda bai taɓa ganin shafin ba, ya tafi da ita Kuje ko Kwali ya cika fom daga farko har ƙarshe, da ɗora hoto da karɓar lambar sirri. A rubuta minti nawa ya ɗauka, data nawa ta tafi, da wurin da ya maƙale, a liƙa takardar a fayil ɗin biyan kuɗi kafin ya isa teburin babban sakatare.